"Na Goge Wasu Fayiloli": Layin da Ya Kamata a Fara Karantawa a Takardar Miƙa Aiki

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, hankalin kowa yakan tafi ga abin da ido ke gani: makullin ofis, katin shaida, laftof da cajarsa, littafin rasit. A ƙirga, a sa hannu, a yi addu'a, a rabu lafiya. Ita kuwa takardar miƙa aiki, wadda ma'aikata ke cewa handoba, sai a cusa ta cikin fayil da niyyar karantawa idan an samu sarari. A da, wannan jinkirin ba ya jawo wata asara, domin takardun da ke cikin kabad suna nan ko bayan shekara. Yanzu da rabin aikin ofis ya koma cikin kwamfuta da waya, takardar tana zuwa da sassa biyu da ba sa jiran kowa. Ɗaya shi ne jerin asusun aiki da mutumin ke riƙe da su. Ɗayan shi ne jerin fayilolin da ya ce ya riga ya goge, kuma shi ne ke da wa'adi, wa'adin da ya fara tafiya tun kafin a miƙa takardar.

Mu ɗauki misali da akantar wata makaranta mai zaman kanta, wadda ta samu wani aiki ta ba da sanarwar wata guda. Makarantar tana amfani da tsarin Google Workspace, wato kowane ma'aikaci yana da imel da ma'ajiyar Google Drive da sunan makaranta. Ranar 31 ga Maris, ranarta ta ƙarshe, ta ajiye takarda mai shafi biyu a teburin shugaban makaranta. Ga abin da ke cikin sassan nan biyu:

"Asusun da nake riƙe da su: imel ɗin ofishin kuɗi, shafin banki na intanet, lambar WhatsApp ta iyayen yara, shafin makaranta na Facebook, shafin rajistar jarrabawa. Kalmomin sirri suna bayan wannan takardar.

"Na goge hotunana da takarduna na kaina. Na goge tsofaffin fayilolin kuɗin makaranta da suka maimaitu, da foldar da ba a amfani da ita. Na share laftof."

Duk wanda ya karanta wannan zai ce mace ce mai tsari da amana, kuma gaskiya ne. Mai mugun nufi ba ya rubuta abin da ya goge. Sai dai takardar ta bar tambayoyin da suka fi muhimmanci babu amsa, kuma tambaya ta farko ita ce: yaushe?

Lissafin kwanaki

Idan aka goge fayil a Google Drive, ba ya ɓacewa nan take. Yana komawa kwandon shara, wanda a kan allo aka rubuta Trash ko Bin, ya zauna kwana 30. A cikin waɗannan kwanakin mai asusun na iya dawo da shi da dannawa biyu. Bayan kwana 30 tsarin yana kwashe shi da kansa. Daga nan saura dama ɗaya: mai kula da tsarin makarantar, wato wanda ke buɗe wa ma'aikata asusu yana rufewa, yana da kwana 25 da zai iya janyo abin da ya fita daga kwandon. Idan su ma suka wuce, to fayil ya tafi.

A ce akantar ta fara gyaran ma'ajiyarta ranar 3 ga Maris, kwana biyu da ba da sanarwa, kamar yadda mai son barin wuri a tsabtace ke yi. Idan gogewa kawai ta yi ta bar kwandon, fayilolin suna nan har 2 ga Afrilu, mai kula da tsari kuma yana da dama har 27 ga Afrilu. Shugaban makaranta yana da kusan makonni huɗu daga ranar da ya karɓi takardar. Amma idan ta goge sannan ta zubar da kwandon a wannan ranar ta 3 ga Maris, kwana 25 ɗin daga nan suka fara, sun kuma ƙare ranar 28 ga Maris. Ke nan kwana uku kafin ta ajiye takardar a kan tebur, ƙofar ta riga ta rufe. Jimla ɗaya ce ta rubuta, "na goge," amma tana iya nufin akwai sauran wata guda, tana kuma iya nufin babu sauran komai.

Ofisoshin da ke amfani da Microsoft 365 suna da ɗan sassauci ta ɓangaren fayil, domin abin da aka goge a OneDrive na aiki ko SharePoint yana zama kwana 93. Ta ɓangaren imel kuwa lokacin ya fi ƙuntata: saƙon da aka fitar daga foldar Deleted Items kwana 14 ake iya dawo da shi, sai fa idan mai kula da tsari ya tsawaita, kuma a wannan saitin iyakarsa kwana 30. Mafi tsanani shi ne abin da ya fi yawa a ƙananan ofisoshinmu, inda ake aikin ofis da Gmail na kyauta da ma'aikacin ya buɗe da sunansa. A nan babu mai kula da tsari da zai shigo daga baya. Asusun na mutum ne, shi kaɗai zai iya buɗe kwandonsa.

Saboda haka wanda ya karɓi irin wannan takardar, aikinsa na farko a ranar shi ne ya kira mai tafiyar kafin ta fita daga ƙofa. Babu tuhuma a ciki. "Malama, waɗannan fayilolin da kika ce kin goge, wace rana ce? Kin zubar da kwandon ko yana nan? Don Allah zo mu buɗe tare." Minti goma ne, kuma ita ce kaɗai a makarantar da za ta kalli sunan fayil ta faɗi abin da ke ciki ba tare da ta buɗe ba.

"Na share laftof"

Wannan gajeriyar jimlar ta fi sauran tayar mini da hankali, saboda abin da ke ɓoye a ƙarƙashinta mutane da yawa ba su san shi ba. Idan an sa wa laftof manhajar da ke daidaita shi da ma'ajiyar intanet, irin Google Drive ta kwamfuta ko OneDrive, foldar da ake gani a laftof da wadda ke intanet abu ɗaya ne. Wanda ya goge a nan ya goge a can. Ma'aikaciya tana iya share laftof da zuciya ɗaya, tana tunanin kwafi ne take cirewa tunda asalin yana intanet, alhali asalin take bi da shi. Idan kuma ita ce mamallakiyar fayil ɗin, duk wanda ta taɓa raba wa shi zai wayi gari ya ga babu. Mataimakinta zai ce, "Ai ina da shi, ta turo mini," amma abin da yake da shi hanyar shiga ce kawai, ba kwafi ba.

Idan fayilolin a cikin laftof kaɗai suke, labarin ya danganta da yadda aka goge su. Gogewa ta yau da kullum a Windows tana kai fayil Recycle Bin. Danna Shift+Delete tana tsallake kwandon gaba ɗaya, haka ma gogewa daga filashi. Ko a haka, a tsofaffin kwamfutoci masu faifan da ke juyawa, bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani sabon abu a kansu, kuma masu gyara kan iya tono su. Sababbin laftof masu ma'ajiyar SSD sukan share wurin da kansu ba da jimawa ba, don haka fatan ya yi ƙasa sosai. A kowane hali, abin yi ɗaya ne: a kashe laftof a ajiye shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne miƙa shi ga sabon ma'aikaci washegari, ya sauke manhajoji ya zuba fayilolinsa, kowane ɗaya yana iya hawa kan abin da ake nema.

Wa ya yanke hukuncin cewa ba shi da amfani?

Yanzu mu zo ga "tsofaffin fayilolin da suka maimaitu" da "foldar da ba a amfani da ita." Babu suna, babu adadi, babu wanda ya gani kafin a goge. Mai tafiya ita ce ta zaɓa, ita ce ta zartar, ita ce ta ba da rahoto.

Sanannen misalin wannan matsalar ya faru a matakin ƙoli na gwamnatin Amurka. Hillary Clinton ta bar kujerar sakatariyar harkokin waje a 2013. A watan Disamba na 2014 lauyoyinta suka miƙa wa ma'aikatar saƙonnin imel kimanin 30,000 da suka ce su ne na aiki, sauran kimanin 30,000 kuma aka ɗauke su a matsayin na ƙashin kanta, daga baya aka goge. A watan Yuli na 2016 shugaban hukumar FBI na lokacin, James Comey, ya bayyana cewa masu bincike sun gano dubban saƙonnin aiki da ba sa cikin waɗanda aka miƙa. Ya kuma ce ba su ga shaidar cewa da gangan aka goge su don ɓoyewa ba. Lauyoyin ba su karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ba, sun dogara da kanun saƙo da kalmomin bincike wajen tantancewa. Idan muka ajiye siyasar da ta dabaibaye lamarin, abin da ya rage shi ne abin da ke faruwa a kowane ofis: tantancewa ta hanyar kallon suna tana kuskure, kuma da zarar an goge, babu yadda mai gaskiya zai nuna gaskiyarsa.

Haka abin yake ga akantarmu. Fayil biyu masu suna kusan ɗaya, "Kuɗin Makaranta Zango na 2" da "Kuɗin Makaranta Zango na 2 (1)," suna kama da maimaici. Amma na biyun yana iya zama wanda aka shigar da rangwamen marayu da na 'ya'yan malamai. Ba za a gane ba sai ranar da wani uba ya zo da rasit yana cewa ya biya, lissafi yana cewa ana bin sa. Foldar da ba a buɗe ba shekara uku tana iya zama daidai wadda mai binciken kuɗi zai nema. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta wajabta wa kamfani ajiye bayanan lissafinsa shekara 6. Rashin amfani da fayil a yau ba ya nufin wa'adin ajiyarsa ya cika.

Ba ina cewa kada a goge komai ba. Hotunan bikin ƙanwarta da takardar asibitin ɗanta nata ne, tana da haƙƙin kwashe su, kuma bai dace wanda ya gaje ta ya gan su ba. Akwai ma gogewar da wajibi ce. Idan tana da jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu a wayarta ta kanta, bai kamata ta tafi da su sabon wurin aiki ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, da kuma kada ya riƙe su fiye da lokacin da ake buƙata. Amma tsarin yana da jeri: a fara tabbatar da cewa makaranta tana da nata kwafin, wani ya buɗe ya gani da idonsa, sannan ta goge na wayarta. Game da fayilolin aiki kuwa, ra'ayina shi ne mai tafiya ba shi da hurumin goge ko ɗaya. Ya buɗe folda ya sa mata suna "Ina ba da shawarar a goge," ya tara su ciki, ya bar wa wanda zai ci gaba da amsa tambayoyi a kansu ya yanke hukunci.

Kalmar sirri ba ita ce asusu ba

Sashen asusun yana kama da wanda ya cika, tunda ga sunaye ga kalmomin sirri a baya. Rubuta su a takardar kansa matsala ce. Takardar miƙa aiki tana wucewa ta hannun sakatare, a yi mata kwafi, a ajiye a kabad ɗin da masinja ma ke buɗewa. Kalmar sirrin shafin banki ba ta da wurin zama a nan. Hanyar da ta dace ita ce su zauna tare da magajinta, ta shiga, shi ya sa sabuwar kalma da hannunsa ba tare da ta gani ba. Wannan kariya ce gare ta ita ma. Idan wani abu ya faru da asusun bayan tafiyarta, babu mai cewa da ita aka haɗa baki.

Ko da an canza kalmar, aikin bai ƙare ba, domin miƙa kalmar sirri kamar ba mutum makullin shago ne alhali takardar haya tana ɗauke da sunan wani. Ainihin mai asusu shi ne wanda lambar tabbatarwa ke shiga wayarsa. Idan layin da aka yi rajistar WhatsApp na iyayen yara nata ne, an haɗa shi da lambarta ta NIN, to asusun nata ne duk abin da takarda ta ce. Ranar da wayar ofis ta lalace aka sayi sabuwa, lambar shiga za ta tafi gare ta, wataƙila tana wani gari, wataƙila ta daina amfani da layin. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfanin sadarwa yana karɓewa ya sayar wa wani. WhatsApp yana da hanyar sauya lamba, Change number, wadda ke ɗauke asusun da rukunoninsa zuwa sabon layi. A yi ta tana nan, a kuma canza lambar sirri mai alƙaluma shida idan ta sa. Shafin Facebook yana rataye ne a asusun mutum, don haka sai ta ba wani cikakken iko, ya karɓa, sannan a cire ta. Banki kuwa ba a gyara shi daga kan allo. Sai makaranta ta rubuta wa bankin a hukumance a cire sunanta, a sauya lambar da alat ke shiga, a karɓi ƙaramar na'urar lambobi idan an ba ta.

Doka ma ta yi magana a nan. Sashe na 31 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya wajabta wa ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya miƙa duk lambobin sirri da damar shiga da ke hannunsa da zarar ya bar aiki, kuma hukuncin riƙe su yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 3 ko duka biyun. Sai dai nauyin ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. A watan Mayu na 2021 wata cibiyar ajiya da ba da lamuni a birnin New York ta sallami wata ma'aikaciya, aka ce a rufe mata hanyar shiga, ba a rufe ba. Bayan kwana biyu ta shiga daga gida, cikin kimanin minti 40 ta goge fayiloli fiye da 20,000, har da takardun neman rancen gida na jama'a. Ta amsa laifinta a kotu. Amma ƙofar da ta bi, ofishin ne ya bar ta a buɗe.

Akwai kuma asusun da ba ya shiga jerin, ba don ɓoyewa ba sai don mantuwa: rajistar sunan shafin intanet na makaranta da ake sabuntawa shekara-shekara da katin bankinta, ko na'urar POS da aka karɓa da sunanta lokacin da ake sauri. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce a bi bayanan banki na wata 12 a ga me ake cirewa kai-tsaye, sannan a bincika akwatin imel ɗin ofis a ga kamfanonin da ke turo rasit da saƙon sabunta rajista.

Yadda ya kamata layin ya kasance

Maganar mai tafiya ana iya gwada ta. Google Workspace yana ajiye rajistar abin da aka yi a Drive har wata 6, Microsoft 365 kuma kwana 180 a tsarinsa na yau da kullum. Mai kula da tsari zai iya tace rajistar da sunan ma'aikaciyar da kwanakin watan Maris, ya ga sunan kowane fayil da aka goge da lokacin. Idan takarda ta ce "wasu fayiloli" rajista ta nuna guda 40 masu sunan hotuna, hankali ya kwanta. Idan ta nuna 900 cikin minti biyar, folda ce sukutum ta tafi, kuma da wuya a ce an duba abin da ke cikinta. Rajistar tana nuna suna ne kawai, ba ta dawo da abin da ke cikin fayil.

Da akantar ta san duk wannan, ga yadda za ta rubuta:

"Ranar 24 ga Maris na goge foldar 'Hotuna Nawa' daga Drive, fayil 212, duk na kaina ne. Suna cikin kwandon shara, ban zubar ba. Ban goge fayil ɗin aiki ko ɗaya ba. Guda 37 da nake ganin maimaici ne na tara su a foldar 'Ina ba da shawarar a goge.' Jerin lambobin iyaye da ke wayata na goge shi ranar 30 ga Maris a gaban mataimakin shugaba, bayan ya tabbatar akwai kwafi a ma'ajiyar makaranta. Ban taɓa laftof ba."

Saura tarko ɗaya, kuma ofis ne ke faɗawa cikinsa da ƙafarsa. Tunda ana biyan kuɗin kowane asusu wata-wata, akan yi gaggawar goge asusun wanda ya tafi don a rage kashe kuɗi. Goge asusu yana tafiya da imel ɗinsa da fayilolin da ya mallaka, sai waɗanda aka mayar wa wani. Google yana ba da kwana 20 a dawo da asusun da aka goge, Microsoft kwana 30. Abin da ya dace ranar 31 ga Maris shi ne a dakatar da asusun, wato Suspend a Google ko Block sign-in a Microsoft, wanda ke hana shiga ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Sai a dawo da duk fayil ɗin aiki da ke kwandon, a mayar da mallakar fayilolin ga magajinta, a kwafe akwatin imel. Shi kuma asusun a bar shi a dakace har sabon akanta ya rufe lissafin zango guda da hannunsa, domin a lokacin ne zai san ko akwai abin da ya ɓata.